Yadda na rabu da hannun jari 100 da suka faɗo mini

Ranar Litinin na duba asusuna a Yamai, sai ga hannun jari 100 da bashi a kaina. Sanadin shi ne kwangilar call da nake riƙe da ita a kan wani kamfanin Amurka, wato damar sayen hannun jarinsa 100 a farashin yarjejeniya, dalar Amurka 50 kowanne. Ranar Juma'a wa'adinta ya cika, kasuwa ta rufe a 53. Dokar can ita ce, ko da santi 1 farashi ya zarce na yarjejeniya, za a zartar ba tare da an tambaye ka ba. Kwangilar kamfani kuwa kaya ake miƙawa hannu da hannu, wato sai na biya 5,000. Ni 900 gare ni.

Kasuwa na buɗewa na sayar da su a 52.40, bashin ya goge. Bambancin da ya kai 300 ranar Juma'a ya koma 240, hutun ƙarshen mako ya cinye sauran.

Yanzu kwangilar kamfani nakan sayar da ita ranar cikar wa'adi kafin rufewar kasuwar New York, ƙarfe 9 na dare agogon Nijar, ko 10 lokacin sanyi.

Kwangilar ma'aunin kasuwa, irin SPX mai bin farashin manyan kamfanonin Amurka 500, ba ta da wannan ciwon kai. Ba a zartar da ita sai ranar cikar wa'adi, kuma kuɗi kawai ake biya: yarjejeniya 5000, aka yanke 5012, maki 12 sau 100, dala 1,200 ke nan. Sai dai ta wata-wata tana da tarko. Da farashin buɗewar safiyar Juma'a ake yanke lissafinta, ba da na rufewa ba.