Yadda za a sa fankar sama ta sauko da ɗumi a lokacin hunturu

Iska mai ɗumi ba ta da nauyi, sama take hawa. Shi ya sa a sanyin Janairu a Damagaram za ka kunna hita, silin ya ɗau zafi, mai zaune a tabarma kuwa yana rawar ɗari. Fankar sama tana iya sauko da ɗumin nan.

Da farko ka kashe ta, ka jira ta tsaya cak. Goge ƙurar hunturu daga fikafikan, in ba haka ba kanka za ta zubo.

Sai ka duba jikin injin. Wasu fankoki suna da ɗan makunni na sauya juyi, wasu kuma a rimot yake. Tura shi ɗaya ɓangaren, ka kunna a lamba mafi ƙanƙanta. Idan ka ɗaga kai, a yawancin fankoki za ka ga tana bin hannun agogo. A haka tana jan iskar ƙasa sama, ta kora mai ɗumin gefe, ta gangaro ta jikin bango.

Tsaya ƙarƙashinta ka gwada. In iska na bugun fuskarka, juyin bai sauya ba. In ta bango sanyi ke kaɗowa, gudun ya yi yawa.

Yawancin fankokin kasuwarmu dai ba su da makunnin nan. Kada ka taɓa wayoyinta da kanka. Sa ta a mafi ƙarancin gudu, ka janye shimfiɗa daga ƙarƙashinta.

In kaskon gawayi ne ke ɗumama ɗakin, fanka ba ta fitar da gubarsa, kuma gubar ba ta da wari. Bar taga a buɗe kaɗan, ka fitar da kaskon kafin barci.