Yadda za ka zaɓi mota in hanyar unguwarku duk rami ce: salun, mai guntun baya ko ƙaramar jif

Kuskuren da na fi gani wurin masu sayen motar farko shi ne su je wurin dila su zagaya da mota a kan kwalta mai santsi su biya kuɗi, sai an kawo ta gida a ga ashe layin gidan ma ba ta shiga sai da ƙarar karta. Nima haka ta faru da ni, na sayi salun 'yar Kwatano mai kyau, wata biyu kacal na ɗauko iyali mu biyar da buhun shinkafa a but, na hau wani bam da 'yan unguwa suka gina da siminti, na ji ƙwas a ƙasa. Kafin in kai bakin titi jar fitilar mai ta kama a dashbod, tukunyar baƙin mai ta ƙasan inji ce ta tsage.

Don haka abu na farko, ka bar maganar mota tukuna, ka ɗauki tif ka je wurin da ya fi muni a hanyar da kake bi kullum, bam ne ko kwatar da ta yanke layi ko gangaren shiga gida, ka auna. In da hali a damina, wajen watan Agusta, lokacin ne hanya take nuna halinta.

Na biyu, ka durƙusa ka auna motar daga ƙasa zuwa abin da ya fi sauka a cikinta, yawanci salansa ne ko tukunyar mai. Corolla ta 2003 zuwa 2008 da Vibe duk wajen santimita 15 suke, RAV4 ta 2006 zuwa 2012 kuma wajen 19. Amma nan ne aka fi yin ɓatan kai, wannan awon na motar da babu kowa a ciki ne. Ka sa mutum uku su zauna a baya ka sake aunawa, in shokoziba da sifirin sun gaji za ka ga baya ya zauna ya cinye maka santimita uku ko huɗu. Sannan tsawo, mota mai nisa tsakanin tayar gaba da ta baya kamar Camry cikinta ne ke dukan bam bayan tayar gaba ta sauka ta baya ba ta hau ba, ita kuwa gajera irin Golf ko Vibe tana tsallakewa ko da tsayinsu daga ƙasa kusan ɗaya ne. Shi ya sa ni a wurina in cikin lunguna kake, mai guntun baya ta fi doguwar salun, ga sauƙin juyawa da fakin.

Na uku taya, kuma wallahi mutane ba sa kallonta sai dai kyan rim. Duba rubutun jikinta. In ka ga 195/65 R15, wannan 65 ɗin yana nufin tsayin gefen taya kashi 65 cikin ɗari ne na faɗinta, kusan santimita 12 da rabi na roba kenan tsakanin rim da rami. In ka ga 215/45 R17 bai kai santimita 10 ba, rami ɗaya mai kaifi sai taya ta yi ƙulu ko rim ya lanƙwashe, kullum kana wurin mai faci. Ƙasa da 55 ni ba na saye, ko da kyauta aka ɗora min rim ɗin zan canza.

To sai jif, ita ce ta fi kowa jure gargada ba musu, amma lissafa aljihunka. RAV4 mai inji 2.4 za ta fi Corolla ko Vibe masu 1.8 shan mai musamman a gosulo da AC, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san zafin lita. Tayarta 225/65 R17 ta fi tsada, shokoziba ma haka. In awon da ka yi ya nuna mota mai santimita 15 daga ƙasa za ta wuce da kaya, bar jif. In ruwa na kwanciya a layinku ko zaizaya ta cinye hanyar, saye ta, kuma mai jan gaba kawai ta ishe ka a gari.

Masu cewa sayi salun a ɗaga ta da sifesa, ɗan kaɗan ba laifi, in aka zarce shaf da bol joyin ne za su riƙa ci maka kuɗi.

Kafin ka biya, bakanikenka ya hau da ita rami ya duba bushin da taya rod da alamar walda a ƙasa, sannan ka ce da dila sai an bi da ita ta layinku da mutane a ciki, rediyo a kashe gilas a sauke, in ka ji ƙwal-ƙwal a gaba a cire kuɗin gyaran daga farashi.