Kada ku sa farashi a takardar farko ta kayan gado

Jama'a, in za ku lissafa dukiyar mamaci, takardar farko kada ku rubuta kuɗin komai. Ku rubuta abu uku kawai: mene ne, ina yake, a hannun wa yake.

Da Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, mun fara da ƙiyasta kuɗin gida. Zama biyu muka yi ana musu kan farashi, ba wanda ya lura ba a ma rubuta shanu huɗu da ke wurin makiyayi ba.

Sai muka sake. Kowane ɗaki ya ba da mutum ɗaya, aka zaga tare, ana rubutawa ana ɗaukar hoto. Aka tura wa kowane magaji, har matan da ke aure a nesa, aka ba su mako biyu su duba.

Nan gyara ya fito. Keken ɗinkin da muka sa ashe na Inna ne, da kuɗinta ta saya. Gonar fadama kuma jingina ce, mai ita yana raye. Irin waɗannan ku ware musu shafi daban, tare da bashin da ake binsa da wanda yake bi, da ragowar sadaki in akwai. Ai sai an biya bashi, an fitar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba.

Sai kowa ya sa hannu, sannan ku kira masu ƙiyasi.

Amma kayan shago masu lalacewa ba za su jira mako biyu ba, ku sayar gaban shaidu ku rubuta kuɗin. In kuma wani ya riƙe takardun fili ya ƙi fitowa da su, wannan sai gaban alƙali.