Kurakuran da aka fi yi wajen ɗora sola, tanki da dish a hoton rufin gida

Masu haɗa sola a garuruwan Kano da Jigawa sukan ɗauki hoton gidan mutum, su ɗora masa farantin sola da tankin ruwa a kwamfuta domin ya ga yadda aikin zai kasance kafin ya biya. Babban kuskuren da ake yi shi ne taɓa rufin kansa. Idan farantin bai zauna ba, sai mai aikin ya ja kwanon ko ya faɗaɗa shi, alhali rufin ne ma'auni. A Photoshop a kulle hoton asali, a sa kowane kaya a shimfiɗarsa daban, wato layer, sannan a lanƙwasa farantin da umarnin Distort har gefunansa su bi layukan kwanon. Ana gane ɓarna ta hanyar kashe shimfiɗar farantin a sake kunnawa: muddin ƙololuwar rufin ko bakin kwanon ya motsa, an taɓa abin da bai kamata ba.

Daga nan sai girma. Farantin wat 550 yana da tsawon kusan mita 2.3 da faɗin mita 1.1, wato ya ɗan fi ƙofar ɗaki tsayi, don haka ƙofar da ke cikin hoton ta isa abin awo. Ɗakin da rufinsa ke da faɗin mita 4 da gangare mita 3 zai ɗauki uku ne a jere. Wanda ya cusa shida ya ƙanƙantar da su, kuma ranar aiki mai gida zai gane. Ba a manne faranti da kwano, domin ƙarfen da ke riƙe shi yana ɗaga shi kaɗan, saboda haka dole siririyar inuwa ta fito a ƙarƙashinsa, ta faɗi ɓangaren da inuwar katanga ta faɗi. Kano tana wajen digiri 12 arewa, shi ya sa gangaren kudu ya fi dacewa.

Tanki kuwa a nan aka fi yin abin da magini zai yi wa dariya. Lita 1,000 ta ruwa tan guda ce, kuma katakon rufin kwano ko azarar soro ba za su ɗauke ta ba. A ba shi hasumiyar ƙarfe a gefen ɗaki, da bututunsa mai saukowa, a kuma tabbata inuwarsa ba ta rufe farantan ba. A kan soro kada a toshe indararo.

Dish ba ya kallon inda aka ga dama. Na DStv a Kano yana fuskantar kudu maso gabas, na Nilesat kudu maso yamma, kuma mafi sauƙi shi ne a dubi na maƙwabta a bi su. A kafa ƙafarsa a bango, a nuna wayarsa tana bin ginin har ta shiga ɗaki.