Takardar albashi: kurakuran da ke sa a yanke maka kuɗi ba ka sani ba

Yawancin ma'aikata layi ɗaya kawai suke dubawa a takardar albashi, wato na can ƙasa, abin da zai shiga asusun banki. Idan ya yi daidai da alat ɗin da ya shigo waya, shi ke nan, sai a ninke takarda a jefa a durowa. Alhali dacewar takarda da alat ba ta nuna komai, illa dai cewa banki ya biya abin da aka umarce shi ya biya. Ɓarnar tana can tsakiyar takarda, a layukan abubuwan da aka cire.

Bari mu ɗauki takardar wata ma'aikaciya a matsayin misali. Alƙaluman na misali ne, domin kowace ƙasa da nata dokar haraji da fansho. Gundarin albashinta 120,000 ne, alawus ɗin gida 40,000, na sufuri 20,000, sai kuɗin aikin ƙarin lokaci na wannan watan 20,000. Jimillar albashi kafin a cire komai ta kama 200,000. A ɓangaren cirewa an rubuta fansho 14,400, haraji 20,000, kuɗin ƙungiyar ƙwadago 2,400, biyan rance 10,000. An cire 46,800 ke nan, ta tafi gida da 153,200.

Duk wanda ya ɗauki kalkuleta zai ga lissafin ya fita tsaf, kuma a nan mutane da yawa suke tsayawa. Ai na'ura ba ta kuskuren tarawa da ɗebewa. Inda ake samun matsala shi ne abin da aka shigar mata, musamman adadin da aka ɗora kason a kansa. Saboda haka kowane layi ka tambaye shi: kashi nawa ne, kuma na wane kuɗi?

Fansho dai a wannan takarda lafiya lau yake. A ce doka ta ce kashi 8 cikin ɗari na gundarin albashi da alawus ɗin gida da na sufuri. Waɗannan ukun sun haɗu 180,000, kashi 8 ɗinsu kuwa 14,400. Da an lissafa a kan 200,000 gaba ɗaya, har da kuɗin ƙarin lokaci, da an ga 16,000. Hanya mai sauƙi ta gane irin wannan ita ce lura da ko kuɗin fansho yana hawa da sauka duk wata tare da aikin ƙarin lokaci, alhali ba a yi maka ƙarin albashi ba. Wani abin lura kuma, takardu da dama suna nuna kason da mai aiki ke zubawa daga aljihunsa, a ce kashi 10, wato 18,000 a nan. Wannan layi don sanarwa ne kawai. Idan ka tara abubuwan da aka cire ka ga sai an haɗa da shi jimillar ke fita, to kai ne kake biya wa mai aikin naka kasonsa.

Haraji ne ke da matsala a takardar nan, kuma shi ne layin da mutane suka fi tsoron taɓawa, suna ganin sai akanta. Bai kai haka wuya ba. A tsarin haraji mai hawa-hawa, ana yanka kuɗin shiga gida-gida, kowane yanki da nasa kaso. A ce 50,000 na farko a wata babu haraji a kansa, 100,000 da ke biye kashi 10, abin da ya haura kuma kashi 20. A ƙasashe da dama ana fara cire kuɗin fansho na dole kafin a lissafa haraji, kuma mu ɗauka haka dokar take a wurin wannan baiwar Allah. To kuɗin da za a ɗora wa haraji 185,600 ne. Yankin farko ba a biyan komai, na biyu 10,000, ragowar 35,600 kuma 7,120. Harajinta na gaskiya 17,120 ne.

Daga ina 20,000 ta fito? Daga lissafa haraji a kan 200,000 cur, ba tare da an cire fansho ba. Bambancin 2,880 ne, wanda shi ne daidai kashi 20 na 14,400. Wannan dabara ce mai amfani ƙwarai: idan lissafinka ya saɓa da na takarda, ka raba bambancin da kason harajinka na sama, sau da yawa amsar za ta nuna maka ainihin abin da aka manta ba a cire ba. Abin da ya kamata ta karɓa 156,080 ne. Bambancin ba ya da yawa a ido, shi ya sa yake daɗewa ba a kama shi ba, amma a wata 12 ya zama 34,560.

Kafin a je a ɗaga murya a ofis, a sani cewa ba kowane tashin haraji ne kuskure ba. Watan da aka biya ariyas ko wani alawus na shekara, haraji zai yi tsalle, domin ƙarin ya faɗa yankin sama. Sai dai ƙarin kaɗai ne ke ɗaukar babban kaso. Masu cewa ƙarin girma ya jawo an ɗora wa dukkan albashinsu kashi 20 ba su fahimci tsarin ba, ko kuma lallai an yi musu kuskure.

Layin rance kuwa tambayarsa daban ce: har zuwa yaushe? Rancen 120,000 da ake biya 10,000 duk wata zai ƙare a wata na 12. A tsarin biyan albashi da yawa, cirewar da aka saka ba tare da ranar ƙarewa ba tana ci gaba har sai wani ya shiga ya tsayar da ita da hannu, kuma wanda ya saka ta wataƙila an daɗe da yi masa canjin wurin aiki. Ka rubuta watan farko da na ƙarshe tun ranar da ka sa hannu, ka kuma riƙa neman a nuna maka ragowar bashin. Haka ma kuɗin adashin ma'aikata ko inshorar da ka riga ka fita daga cikinta. Ni a ganina duk layin da aka yi wa suna irin su "sauran cirewa" ba tare da bayani ba, bai cancanci a yi masa uzuri ba. Cirewa ko dai doka ce ta wajabta ta, ko umarnin kotu, ko yarjejeniyar aiki, ko kuma kai ka amince a rubuce, kuma kana da damar tambayar wanne ne daga ciki.

Akwai kuma wanda takardar ba za ta taɓa nuna maka ba. An cire fansho daidai, an rubuta daidai, amma ba a tura kuɗin inda ya kamata ba. Wannan sai ka karɓi bayanin asusunka daga masu kula da fanshon, ka jera shi da takardun albashinka wata bayan wata, ka tabbatar lambar asusun fansho da lambar harajin da ke saman takardar naka ne.

Idan ka kama kuskure, kada ka tsaya a "albashina bai cika ba", domin amsar da za ka samu ita ce a duba maka, kuma ba lallai a duba ba. Rubuta wa ofishin biyan albashi takarda, ka ambaci watan da layin, da adadin da aka cire, da wanda ya kamata a cire, da yadda ka lissafa, ka haɗa kwafin takardun duk watannin da abin ya shafa, ka riƙe kwafi mai ɗauke da shaidar an karɓa. Ka nemi a gyara na gaba, a kuma maido na baya a layi na musamman da za ka iya gani a takardar wata mai zuwa. Idan harajin da aka yi wa ƙari ya riga ya tafi hukumar haraji, ka tambaya ko za a daidaita shi a sauran watannin shekarar, ko kuwa kai ne za ka cike takardar neman a maido maka daga hukumar.