Yadda Ake Tabbatar da Majiyyaci da Ɓangaren Jiki a Kowane Hoto: Jawabi ga Sababbin Ɗaliban Ɗaukar Hoton Asibiti

Ya ku sababbin ɗalibai, likitan da zai karanta hoton da kuka ɗauka sau da yawa ba zai ga majiyyacin da idonsa ba. Abin da yake gabansa shi ne sunan da ke kan hoton da kuma harafin R na dama ko L na hagu da ke gefensa, kuma a kan waɗannan biyun zai gina hukuncinsa. Don haka zan bi da ku matakan aikin ta hanyar misali guda: wani dattijo da aka turo daga sashen gaggawa, fom ɗinsa yana neman hoton X-ray na ƙirji saboda ana zargin iska ta taru a kewayen huhunsa na hagu.

Mataki na farko shi ne majiyyaci ya faɗi ko shi wane ne da bakinsa. Kada ku karanta masa suna ku ce, "Kai ne wane?" domin mai jin ciwo, ko wanda kunnensa ya yi nauyi, ko wanda ya gaji da jira, yana iya amsa "e" ga sunan da ba nasa ba. Ku ce, "Baba, don Allah faɗa mini cikakken sunanka da ranar haihuwarka," sannan ku gwada amsarsa da fom da kuma madaurin shaida da ke hannunsa, idan yana da shi. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ita ce a yi amfani da shaidu aƙalla biyu, kamar suna da ranar haihuwa, kuma lambar ɗaki ba ta cikinsu. Lambar gado ma haka take, tun da ana sauya wa marasa lafiya gado a kowane lokaci. Idan majiyyaci ba ya cikin hayyacinsa, ko ƙaramin yaro ne, sai ku dogara da madaurin shaida tare da tabbacin nas ko mahaifin da ya rako shi, ku kuma rubuta wanda ya tabbatar.

Mataki na biyu yana kan kwamfuta, kuma a ganina nan ne ƙwararru ma suka fi tuntuɓe. A jerin aikin ranar za ku iya samun mutum biyu masu suna iri ɗaya, ɗaya a saman ɗaya. Lambar asibiti ce take raba su, saboda haka ku karanta ta har ƙarshe, ba lambobin farko kawai ba. Ku tabbata kuma an rufe aikin wanda ya fita kafin a fara na dattijon nan, domin idan shafin wancan yana buɗe, hoton zai shiga ƙarƙashin sunansa ba tare da na'ura ta yi wani gargaɗi ba.

Na uku, ku tambayi wurin ciwo kafin ku faɗi abin da fom ya ce. Idan dattijon ya dafa ƙirjinsa na hagu, maganarsa ta yi daidai da takarda. Idan ya dafa dama, hoton ƙirji zai nuna ɓangarorin biyu, amma duk da haka ku sanar da likitan da ya turo shi. A hoton gaɓa kuwa, kamar wuyan hannu ko gwiwa, saɓani irin wannan yana nufin a dakata gaba ɗaya har likita ya gyara fom. Ba aikinku ba ne ku zaɓi ɓangare da kanku, kuma ɗaukar duka biyun don a huta da tambaya ƙarin hasken X-ray ne a jikin mutum ba tare da dalili ba.

Na huɗu shi ne alamar dalma, wato harafin R ko L da aka ƙera da dalma don ya fito a cikin hoton, kuma a nan zan ɗan daɗe. Alamar tana nufin dama ko hagun majiyyaci, ba naku ba. Dattijon zai tsaya ya jingina ƙirjinsa da faifan da ke karɓar hoto, ya ba bututun haske baya, wato abin da ake zaɓa a na'ura da sunan PA. Ku dafa kafaɗarsa ta hagu da hannunku, ku ce a ranku wannan ce hagu, sannan ku manna L a kan faifan, sama da wannan kafaɗar, inda ba za ta rufe saman huhu ba. Bayan kun taƙaita filin haske, ku sake dubawa ko alamar tana cikinsa, domin alamar da ta faɗa wajen filin ba za ta fito ba. A hoton gefe, al'adar da aka fi bi ita ce alamar ta nuna ɓangaren da ya fi kusa da faifan. Dalilin da ya sa nake nace wa dalma shi ne, hasken da ya ratsa jikin majiyyaci shi ne ya ratsa ta a lokaci guda, don haka duk yadda aka juya hoton daga baya, tana tafiya tare da ɓangarenta. Harafin da aka buga da kwamfuta bayan an gama ba ya shaida komai sai abin da mai bugawa ya tuna.

Na biyar, ku duba hoton kafin majiyyaci ya bar ɗakin. Ana nuna hoton ƙirji kamar kuna fuskantar mutumin, wato hagunsa yana damarku. A hoton dattijon, ya kamata L ta fito a damarku, tare da tsinin zuciya da kumfar iskar da ke saman tumbi. Idan kun ga L da zuciyar duka sun koma hagunku, to hoton ne ya juya, kuma galibi hakan yana faruwa ne idan an zaɓi AP a na'ura, wato ɗaukar da majiyyaci ke fuskantar bututun haske, alhali PA aka ɗauka. Wannan gyaransa mai sauƙi ne, a mayar da hoton daidai, alamar za ta bi shi.

Amma idan L tana gefe ɗaya, zuciyar kuma tana ɗaya gefen, kada ku taɓa maɓallin juyawa. Ko dai kun manna alamar a kafaɗar da ba ita ba, ko kuma zuciyar mutumin da gaske tana dama, domin akwai mutane, kusan 1 cikin 10,000, da ake haifa da kayan cikinsu a juye. Ku koma wurin majiyyaci, wanda shi ya sa na ce kada a sallame shi, ku ga inda alamar take a kan faifan idan ba a cire ta ba, ku tambaye shi ko an taɓa faɗa masa wani abu game da zuciyarsa, ku kira babban ma'aikacin da ke kula da ku. Wanda ya juya irin wannan hoto don zuciya ta koma inda ya saba ganin ta, ya mayar da huhun hagu dama, kuma likitan da ya dogara da hoton yana iya huda ƙirjin da yake lafiya ya bar wanda iska ta danne.

Idan alamar ba ta fito ba sam, ku bi ƙa'idar sashenku. Yawanci ana yarda a buga harafin da kwamfuta ne kawai idan wanda ya ɗauki hoton yana da tabbaci, kuma a rubuta cewa daga baya aka ƙara shi. Idan akwai kokwanto, babban ma'aikaci ne zai yanke ko a maimaita.

Mataki na ƙarshe shi ne karanta suna da lambar asibiti da ɓangaren jiki a kan hoton sau ɗaya kafin ku tura shi zuwa PACS, wato ma'ajiyar hotunan asibiti ta kwamfuta, domin da zarar ya shiga, kowane likita a asibitin yana iya buɗe shi. Idan kun gano kuskure bayan an tura, ku fara kiran likitan da ke duba majiyyacin nan take, sannan mai kula da PACS ya mayar da hoton ƙarƙashin sunan mai shi, sannan ku cika takardar rahoto. Ku kuma duba fayil ɗin ɗaya majiyyacin da hoton ya shiga sunansa, a tabbatar ba a riga an rubuta masa sakamako a kan ƙirjin wani ba.