Goron Sallah ko cin hanci? Dubi lokacin zuwansa

’Yan uwa manajoji, kafin ku karɓi kyauta daga ɗan kwangila, ku duba ko akwai takardarsa a teburinku tana jiran sa hannu. In akwai, ku mayar masa cikin mutunci: “Alhaji, na gode, bari sai an gama batun kwangilar.”

Wanda ya kawo don zumunci ba ya jin haushi, zai dawo bayan Sallah. Mai neman biyan buƙata kuwa sai ya matsa, ko ya aika buhun shinkafa gida wurin uwargida da daddare.

Amma dabarar ba ta kama mai wayo. Wani dillalin hatsi a Gombe zai yi ta aiko rago duk Layya, ba ya roƙon komai, sai ranar da masararsa ta zo da danshi, kunya ta hana ku mayar da ita. Shi ya sa nake rubuta kowace kyauta a littafin ofis, rago kuma a raba wa ma’aikata.

Jami’in gwamnati mai duba kayanku kuwa, ko kuɗin mai kada ku ba shi. Dokar ICPC ta 2000 tana hukunta mai bayarwa da mai karɓa.